Kan Famfo a Ƙofar Dogo

Mu shida ne a jerin shagunan da ke bayan tashar mota, kuma duk a jikin gini muke cin abinci, kowa da gefensa. Ni ne mai famfo. Kusa da ni Mai Wuta, wanda ke yin wayarin. Sai Mai Tayil, sai Kafinta da rumfarsa a ƙarshen layi. Sauran biyun masu fenti ne, Dogo da surukina, mijin 'yata ta biyu.

Mun yi shekaru muna gaisawa, amma kowa kwastomansa nasa ne. In ina kwance a ƙarƙashin wurin wanke kwanuka mai gida ya tambaye ni ko na san mai tayil nagari, sai in ce a duba kasuwa. Ba mugunta ba ce, ban dai taɓa tunanin abin ba. Kafinta ne ya tara mu wata ranar Asabar, muka zauna a kan bencin da bai gama gogewa ba.

Ya ce, "Gida ɗaya muke shiga mu duka. Kai ka fasa bango ka sa bututu, wannan ya ja waya, wancan ya shimfiɗa tayil, ni in kafa ƙofa, mai fenti ya zo ya rufe asirinmu gaba ɗaya. To me ya hana wanda ya riga shiga ya buɗe wa na baya?"

Mai Wuta ya ce a sa la'ada, duk wanda ya kawo aiki a yanka masa wani abu. Kafinta ya girgiza kai. Ya ce la'ada a kan mai gida take ƙarewa, domin za a cusa ta cikin farashi, kuma wata rana za ka tura mutum wurin wanda ya fi yanka maka, ba wurin wanda ya fi iyawa ba. Ladan aiki aiki ne, ka kawo mini in kawo maka.

A ranar muka yanke sharuɗɗa. Ba za a ba da lambar wayar kowa ba sai an tambaye shi ya yarda. Wanda aka tura wa aiki ya kira mai shi kafin rana ta faɗi, kuma ya dawo ya faɗi yadda suka ƙare. Kada kowa ya taɓa sana'ar wani, ko da ya iya. Duk aikin da aka ji, a kai shi wurin Kafinta a ranar da aka ji shi, ya rubuta a jikin wani falanki da ya jingina bayan rumfa: rana, wanda ya kawo, wanda aka ba.

Inda muka daɗe shi ne maganar masu fenti, tunda su biyu ne. Mai Tayil abokin Dogo ne tun suna yara, ni kuma ga surukina. Kowa ya san inda zuciyar kowa za ta karkata. Aka ce to a yi layi, yau wannan gobe wancan, babban aiki ko ƙarami, abin da ya faɗo maka shi ne rabonka. Dogo ya ce shi ba ya karatu, kada a riƙa nuna masa falanki. Sai na tuna da wani tsohon kan famfo na tagulla da na ciro daga wani gida da aka rushe. An ƙera shi da siffar kan agwagwa, har da ido, ruwan ta baki yake fita. Na daɗe ina ajiye da shi, ina tunanin maƙerin da ya zauna ya yi wa famfo ido. Na kawo shi muka ɗaura masa waya. Wanda layi ke kansa, agwagwar na rataye a ƙusar ƙofarsa. Da ya karɓi aiki, ya cire ta da hannunsa ya kai ƙofar ɗan'uwansa.

Wata huɗu abin yana tafiya. Ni kaina na shiga gidajen da da ba zan san hanyarsu ba. Amma layi ba shi da ido, ko da agwagwa tana da shi. In ya faɗo kan Dogo sai a ce gida sukutum, in ya juyo kan surukina sai a ce taga biyu ko bangon bayan gida. Babu wanda ya shirya hakan, haka dai ya riƙa zuwa. Surukina ba mai magana ba ne. 'Yata ce ta zo gida wata rana, na ji tana gaya wa uwarta a tsakar gida cewa yanzu ya koma wanke buroshin da ba a yi aiki da shi ba, ya shanya, gobe ya sake wankewa. Dariya take yi da tana faɗa. Uwar ba ta yi dariya ba, ni ta kalla.

Ranar Litinin ina aiki a wani masaukin baƙi da ake gyarawa, ɗaki ashirin da biyu, bene hawa ɗaya. Ni na sake bututun banɗakunan duka, Mai Tayil yana biye da ni yana shimfiɗa tayil. Ina tsaye a barandar sama, na kafa bakin sukundireba a bango na ɗora kunnena a kan ƙotarta, ina sauraren ko akwai inda ruwa ke zurara. Bututu mai lafiya shiru yake, mai yoyo kuwa yana wani siririn kuka kamar sauro a cikin kwalba. Sai mai masaukin ta hawo, wata dattijuwa mai saurin magana da tarin makullai a hannu.

Ta ce, "Baba mai famfo, ko bangon ya gaya maka wani abu?"

Na ce, "Ya ce lafiya lau, Hajiya."

"To madalla. Ka san mai fenti da ba zai ɓata mini tayil ba? Ciki da waje nake so, duka ginin."

Na sauke sukundirebar. Da safen nan na wuce ta gaban shagon Dogo, na ga agwagwa a ƙusarsa tana lilo.

Na ce, "Akwai. In ba shi lambarki?"

"Ba shi. Amma ba yau nake son ganinsa ba. Jibi Laraba ƙarfe huɗu yayana zai zo, shi ke da rabin ginin. Ka kawo mini mutum ɗaya ya zagaya da mu ya faɗi ƙiyasinsa. In huɗu ta yi babu kowa, yayana yana da nasa mutumin, ni dai ba na son aikinsa ne."

Ta sauka, makullanta suna ƙara. Babu kowa a barandar sai ni. Mai Tayil yana can ƙasa a ɗakin ƙarshe, injinsa na yanka yana ihu.

Da yamma na biyo ta rumfar Kafinta. Yana fere ƙafar kujera. Na tsaya, muka yi maganar tsadar ƙusa, na dubi falankin, na yi masa sai da safe. Na ce wa kaina ai ba yau take son ganin mai fentin ba, kuma yaɓen bayan ginin ma bai gama bushewa ba. Duka biyun gaskiya ne. Amma na san abin da nake jira.

Ranar Talata da hantsi abin ya zo. Mai Wuta ya kawo aikin wani gida mai ɗaki uku da ya gama wa wayarin, Kafinta ya rubuta, aka ba Dogo. Ina kallo daga bakin shagona Dogo ya miƙa dogon hannun nan nasa ya ciro agwagwa ya kai ƙofar surukina. Na so in tashi nan take in je rumfa, sai na ga abin zai yi kama da kura ta ga an buɗe garke. Na ce bari in koma masaukin in yini, gobe da sassafe in kawo maganar kamar da yammacin nan aka yi mini ita.

Laraba na fito tun ba a buɗe shaguna da yawa ba. Ina shan kwanar layinmu na ga shagon surukina a kulle, ƙusarsa babu komai. Agwagwa tana ƙofar Dogo.

Na tsaya da jakar kayan aikina a kafaɗa. Sai da mai shara ta ce in ɗaga ƙafa na motsa.

Kafinta yana buɗe rumfa. Na ce, "Wa ya mai da abin nan?"

Ya ce, "Surukinka, da hannunsa. Mai Tayil ya kawo masa aiki tun da duku-duku. Ƙofar gida ce ta ƙarfe, guda ɗaya. Ya ɗauki ƙaramin gwangwani ya tafi."

"Ƙofar wa?"

Ya duba falankin. "Ta wata mata a bayan asibiti."

"Bayan asibiti ai ƙanwar Mai Tayil ce."

Kafinta ya cire fensirin da ke kunnensa ya dube ni. "To ƙanwar mutum ba ta da ƙofa ne?"

Na ce, "Ina da aiki a bakina, ɗaki ashirin da biyu, ciki da waje. Ƙarfe huɗu na yau ake son mai fenti. Mai Tayil ya san da shi, a ginin yake kwana yake tashi. Ya ƙona wa yaron nan layinsa da ƙofa ɗaya don babban ya faɗa wa abokinsa."

Kafinta ya mai da fensirin kunnensa. Sannan ya ce kada in kira kowa, kada in ba da lambar matar, zai tara mu ƙarfe biyu.

Ban yi aikin kirki ba a safiyar nan. Na kwance wani famfo na sake ɗaurawa ba tare da na sa masa robar hana yoyo ba. Ina ta shirya maganar da zan yi, kuma duk inda na bi da ita sai ta biyo ta ranar Litinin, in kauce.

Ƙarfe biyu ta wuce da kwata kafin mu cika. Rumfar ta yi zafi, kwanon rufi yana ƙaƙas-ƙaƙas. Surukina ya zo da baƙin fenti a yatsunsa, ya durƙusa ya gaishe ni, ya koma can gefe kusa da tarin katako. Dogo ya zauna a kan jarka, gwiwoyinsa sun kusa kai haɓarsa. Mai Tayil ne ya zo ƙarshe yana goge hannu a wando.

Ya ce, "An ce ana nemana. Na kashe wani ne?"

Kafinta ya ce, "Zauna. Baba, faɗi abin da ka gaya mini."

Na faɗa, ban rage ba, sai dai ban ambaci rana ba. Da na ce ɗaki ashirin da biyu, na ga surukina ya ɗago kai, ya sake sunkuyarwa.

Mai Tayil ya ce, "Ikon Allah. Na kawo wa surukinka aiki, maimakon a gode mini sai a kafa mini kotu. Ba mu muka ce babba ko ƙarami ba? Ko a lokacin kana sauraren bango ne?"

"Ka san da aikin masaukin ko ba ka sani ba?"

"Wanda ya ga gini babu fenti ai ya san za a yi fenti. Ko makaho ya shafa ya sani."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Mai Wuta, wanda tun da aka fara yake murɗa wata guntuwar waya a yatsa, ya ce, "Ƙofar nan ta bayan asibiti, ba ita ce mai ruwan toka ba? Ni na sa mata ƙararrawa bara. A lokacin fentinta ko bushewa bai gama yi ba, har ya ɓata mini riga."

Kafinta ya juya wurin surukina. "Kai da ka je, yaya ka same ta?"

Surukina ya ce, "Lafiyarta ƙalau. Matar ma ta ce ita ba ta san za a zo ba. Ta ce tunda yayanta ne ya turo, in shafa baƙin fenti."

Mai Wuta ya ƙyalƙyale da dariya shi kaɗai, ya ga babu mai taya shi, ya haɗiye.

Dogo ya juya ya dubi abokinsa. Muryarsa ƙasa-ƙasa ya ce, "Kai ka yi haka?"

"Don wa na yi? Don kaina?"

"Na aike ka?"

"Jiya da yamma mai gadin masaukin ya ce mini Hajiya ta ba mai famfo neman mai fenti. Na leƙo na ga agwagwa a ƙofar surukinsa. Na ce wato haka za a yi, mutum ya kawo aiki ya zuba a tukunyar 'yarsa? In an yi ruwa kowa ya tara, ni ma na tara maka."

"Ka tara mini abin kunya," in ji Dogo.

Kafinta ya tashi ya je gaban falankin. Ya ce layi an yi shi ne don aikin da mai shi ya nema da bakinsa. Aikin da aka ƙirƙira don a tura layi gaba ba aiki ba ne. Ya ja fensiri a kan maganar ƙofar. Ya ce tunda an soke ta, layi yana inda yake jiya da yamma, wurin surukina.

Na dubi agogon Mai Wuta, uku saura kwata. Na fara lissafin ko surukina yana da riga mai tsabta a shago, da inda zai ari dogon tsani.

Kafinta ya lashi bakin fensirinsa ya sunkuya. "To bari in rubuta na masaukin. Wanda ya kawo, mai famfo. Baba, wace rana ta tambaye ka?"

Bai juyo ba ma, tambayar cika rubutu ce kawai. Shi ya sa ta fi yi mini nauyi.

Mai Tayil ya daina goge hannu. Ya ce, "Yawwa. Wace rana?"

Mai gadi bai gaya masa rana ba, na gane haka daga yadda yake kallona, yana lalube ne. A barandar nan babu kowa sai ni da matar. Kuma babu wanda zai ɗauki waya ya tambayi kwastoma ranar da ta yi magana, domin ranar da masu gida suka ji muna tuhumar juna a kansu, ranar za su daina karɓar sunan da muka ba su. In na ce jiya da yamma, maganar ta zauna. Kalma uku ce.

Wata ƙadangaruwa ta fito daga ƙarƙashin katako, wutsiyarta ta rabu biyu a ƙarshe. Ban taɓa ganin irinta ba. Ta tsaya a tsakiyar garin katako tana ɗaga kai tana saukewa, na bi ta da ido har ta shige bayan jarkar Dogo. Na tuna ni ne na ce a rubuta sharaɗin kai aiki a ranar da aka ji shi. Har misali na kawo a lokacin, na ce ruwan da aka tare a bututu shi ke fasa mahaɗarsa.

"Baba?" in ji Kafinta. Yanzu ya juyo.

Surukina yana kallona. Tun da ya auri 'yata bai taɓa kallon tsakiyar idona ba sai ranar.

Na ce, "Litinin."

Wata mota ta yi ƙaho a tasha, ta sake yi.

"Litinin da yaushe?"

"Da hantsi."

"Ka biyo ta nan da yamma. Mun yi maganar ƙusa."

"Mun yi."

Mai Tayil ya buɗe baki, Dogo ya ɗaga masa hannu, ya rufe. Amma bai iya daurewa ba, ya ce, "Ashe ni ɓarawon akuya ne, ga na raƙumi a zaune."

Kafinta ya ce, "Ku biyun babu na zaɓe. Ɗaya ya riƙe aiki har layi ya juyo, ɗaya ya ƙirƙiro aiki don layi ya wuce. Kuma waɗanda kuka yi dominsu babu wanda ya roƙe ku." Ya share goshi da bayan hannu. "Lokaci yana tafiya, matar nan ba ta san da rigimarmu ba, kuma bai kamata ta sani ba. A jera abin yadda ya zo. Litinin layi na Dogo, masauki nasa. Talata layi ya koma can, gida mai ɗaki uku na surukin Baba. Dogo, ka fara?"

"Na kankare bango ɗaya. Ban sayi fenti ba."

"Mai Wuta, kira mai gidan. Kai ka kawo shi, kai za ka gaya masa. In bai yarda a canza masa mutum ba, ba za mu tilasta shi ba."

Mai Wuta ya fita waje da wayarsa. Muna jin guntayen maganarsa: hannunsa yana da kyau, ni na tsaya masa, a'a farashin yana nan yadda kuka yi. Ya dawo ya ce mutumin ya yarda, amma in Asabar ta yi ba a gama ba kada a sake kawo masa sunan kowa.

Sannan Kafinta ya ce akwai gyara biyu. Daga yau layin masu fenti ya zama biyu, na manyan ayyuka daban, na ƙanana daban, abin da ya wuce ɗaki huɗu babba ne. Da an yi haka tun farko, in ji shi, da babu wanda zuciyarsa za ta kai shi nan. Na biyu, ni da Mai Tayil, wata guda babu wanda zai turo mana aiki. Wanda aka tambaye shi mai famfo ya nuna na tsallaken titi. Amma mu duk abin da muka ji za mu ci gaba da kawowa.

Mai Tayil ya ce, "Wata guda? A kan ƙofa ɗaya?"

"Ko ka fi son a goge sunanka gaba ɗaya? Fensiri ne, ba wuya."

Na tsallaken titi yaro ne da na koya wa aiki, kuma na san in ya shiga gida ba ya barin a sake neman wani.

Uku da rabi muka kama hanya ni da Dogo, domin sharaɗi ne wanda ya kawo aiki ya gabatar da mai yi. Taku ɗaya nasa biyu nawa ne. A bakin ƙofar masaukin ya tsaya ya kakkaɓe hularsa.

Ya ce, "Da ka ce jiya, da ban sani ba."

Na ce, "Na sani."

Hajiya tana tsaye da yayanta, wani mai tumbi da ke ta duba agogo. Ta ce, "Har na fara cewa bango ya haɗiye ka. Wannan ne? To shi ai ba ya buƙatar tsani." Na ce shi ne, na san aikinsa shekara goma, ba ya ɗiga a tayil. Suka shiga zagaye. Na ji Dogo yana tambaya ko yaɓen baya ya kai sati uku, yana cewa in bai kai ba a fara da ciki. Na bar su a nan.

Da na dawo layinmu rana ta yi sanyi. Surukina yana bakin shagonsa yana ɗaure rola da bokitai a bayan babur, zai je ya ga gida mai ɗaki ukun. Na tsaya kusa da shi. Ya gaishe ni kamar kullum, ya ci gaba da jan igiya.

Na ce, "Ɗaki uku ma aiki ne."

"Aiki ne, Baba."

"Na so in yi maka ne."

Ya ƙulla igiyar, ya gwada ta da yatsa. Ya ce, "Na sani. Amma yanzu duk aikin da ya zo ta hannunka ya faɗo kaina, za a ce ajiye mini ka yi. Ko ba a faɗa ba za a duba rana. In ka ji wani, ka kai wa Kafinta kawai. Kada ka gaya mini, kada ka kalli ƙofata."

Na ce to.

Ya hau babur ɗin, ya taka sau biyu bai tashi ba, a na uku ya kama. Kafin ya ja ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ita ba sai ta ji ba. Zan ce mata na samu ɗaki uku."

Na san 'yata yake nufi. Na ce, "Uwarta fa? Ita za ta tambaye ni."

"Wannan kuma tsakaninku ne, Baba."

Ya tafi. Na buɗe shagona na ajiye jaka. Can sai ga wata mata da karyayyen famfo a hannu tana tambayar Mai Wuta inda ake gyara. Ya dube ni, na dube shi. Ya ɗaga hannu ya nuna mata tsallaken titi.